Yadda Ake Lissafa Kuɗin Wutar da Kayan Gida Ke Ci a Wata a Mitar Kati

Mitar kati ba ta san Naira ba, yunit kawai take ƙirgawa, don haka duk wanda yake son sanin nawa zai ware wa wuta a wata dole ne ya fara lissafa yunit ɗin da gidansa ke ci, sa'an nan ya mayar da su kuɗi. Yunit ɗaya shi ne abin da ake rubutawa 1 kWh a fuskar mita da kan rasit, kuma ma'anarsa ita ce wutar da kayan da ke jan wat 1,000 zai sha idan ya yi aiki na awa ɗaya cif. Kayan da ke jan wat 100 sai ya yi awa goma kafin ya cinye yunit ɗaya, shi kuwa mai jan wat 2,000 rabin awa ya ishe shi. Dukkan lissafin da zai biyo baya a kan wannan ya dogara. Za mu ɗauki misalin wani gida mai ɗaki uku a cikin birnin Kano, inda kamfanin KEDCO ke raba wuta, mu bi shi daga farko har mu fitar da kasafinsa na wata.

Mataki na farko: gano ainihin farashin yunit ɗinka

Kada a fara da abin da aka ji a rediyo ko a bakin maƙwabci. A ɗauko rasit na ƙarshe, ko saƙon da ya zo a waya ɗauke da lambobin nan guda 20 da ake dannawa a mita, a duba abu biyu: kuɗin da aka biya da adadin yunit da aka samu. Idan aka raba kuɗin da yunit ɗin, abin da ya fito shi ne farashin da aljihunka ke biya, domin ya riga ya haɗa da harajin da ake rubutawa VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari.

Tun shekarar 2020 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Nijeriya ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da ya kamata layinsu ya samu a rana: Band A aƙalla awa 20, Band B awa 16, Band C awa 12, Band D awa 8, Band E kuma awa 4. A watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin Band A zuwa Naira 225 kowane yunit, aka sauko da shi zuwa Naira 206.80 a watan Mayu, sa'an nan ya koma Naira 209.50 a watan Yulin 2024. Da wannan adadi na ƙarshe za mu yi aiki a misalinmu. Idan aka ɗora masa haraji, wato aka ninka 209.50 da 1.075, yunit ɗaya ya kama Naira 225.21, ke nan Naira 10,000 za ta sayo yunit 44.4. Wanda ya manta da harajin zai sa ran ganin yunit 47.7, ya ga 44.4, ya ɗauka an cuce shi alhali ba haka ba ne.

Idan ka raba kuɗinka da yunit ɗinka ka ga farashin ya zarce na rukuninka da nisa, akwai yiwuwar ana cire wani tsohon bashi daga kowane sayen da ka yi, abin da ya fi faruwa a gidajen da suka daɗe a kan bil na ƙiyasi kafin a sa musu mita, ko gidan haya da wanda ya tashi ya bar bashi a kansa. Rasit cikakke yakan nuna wannan cirewar a layi na daban. A irin wannan hali sai a ware bashin a matsayin kuɗi mai zaman kansa, a yi lissafin yunit da farashin gaskiya, domin bashin zai ƙare wata rana amma farashin yana nan.

Mataki na biyu: rubuta wat da awannin kowane kaya

A ɗauki takarda a zaga gida. Kusan kowane kayan lantarki yana da tambari a bayansa ko a ƙarƙashinsa inda aka rubuta lamba da harafin W a gefenta, wannan shi ne wat ɗinsa. Idan ba a rubuta W ba sai lamba mai harafin A, a ninka ta da 230, wato ƙarfin wutar gida a Nijeriya, abin da ya fito zai ba da kimanin wat ɗin. Bayan haka sai a rubuta awa nawa kayan ke aiki a rana, kuma a nan ne ake bukatar gaskiya, domin fankar da ake kunnawa bayan sallar isha'i a kashe ta bayan asuba ta yi awa tara ko goma, ko da maigida yana ganin barci kawai aka yi a ƙarƙashinta. Ga yadda ake haɗa su:

```
yunit a wata = wat × awa a rana × 30 ÷ 1000
```

A gidan misalinmu, wanda ke kan Band A, akwai ƙwayayen fitila takwas masu wat 10 kowanne, suna ci awa shida a rana, wanda ya ba da yunit 14.4 a wata. Akwai fankar sama guda uku masu wat 75, kowace tana juyawa awa goma, su kuma sun ba da yunit 67.5. Talabijin da dikodarsa tare suna jan wat 80 na awa biyar, yunit 12 ke nan. Cajin wayoyi biyar na mutanen gidan, duk da yawan surutun da ake yi a kansa, bai wuce yunit 3 a wata ba.

Sauran kayan ba sa daɗewa a kunne amma suna da nauyi. Dutsen guga mai wat 1,000 da ake amfani da shi kusan awa uku a mako yana cin kimanin yunit 12 a wata. Butar lantarki mai wat 2,000 da ake dafa ruwan shayi da na kunun yara, idan aka haɗa duk kunnawar yini ta kai minti ashirin, tana cin yunit 20. Famfon jan ruwa zuwa tanki mai ƙarfin doki ɗaya yana da ɗan ruɗani, domin ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne a lissafi, amma wannan ƙarfin da injin ke fitarwa ne, abin da yake ja daga mita ya fi haka, don haka ya fi kyau a ɗauke shi a kan wat 1,000. Rabin awa a rana ya ba da yunit 15.

Mataki na uku: auna firij da mitar kanta

Firij da firiza da na'urar sanyaya ɗaki ba sa bin wannan lissafin kai tsaye, saboda injinsu yana tashi ya yi aiki har sanyi ya kai inda aka saita, sa'an nan ya tsaya ya huta. Wanda ya ninka wat 150 na tambarin firij da awa 20 zai samu yunit 90 a wata, kuma wannan zai iya zama ninki biyu na gaskiya. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa injin yana aiki rabin lokaci ne, kuma hakan ya isa a fara da shi, amma a ganina babu dalilin yin hasashe a kan kayan da ba a kashe shi dare da rana alhali ga ma'auni a manne a bango.

Hanyar awon ita ce a zaɓi lokacin da wuta ta zauna, a kashe kome a gidan a bar firij kaɗai, a rubuta ragowar yunit da ke kan mita har da lambobin bayan ɗigo, a dawo bayan awa shida a sake rubutawa. A ce an fara da 31.20 an dawo an tarar da 30.75, firij ya sha yunit 0.45 a awa shida, wato 0.075 a kowace awa. Idan aka ninka da awa 20 na wuta a rana da kwana 30, an samu yunit 45 a wata, kuma shi za mu sa a kasafinmu. Kada a yi wannan awon da zarar an dawo da wuta bayan doguwar ɗaukewa, domin a lokacin injin yana aiki ba tsayawa don ya maido da sanyin da ya tsere, kuma sakamakon zai fito sama da na kullum. Idan kuwa aka auna a lokacin da ya dace aka ga firij yana shan kusan dukkan wat ɗin da ke tambarinsa, alama ce cewa injin ba ya hutawa, sai a duba robar bakin ƙofa ko ta saki, a duba ko an matse bayansa da bango har iska ba ta ratsawa, ko kuma gas ɗinsa ya ragu.

Akwai hanya mafi sauri ga kayan da tambarinsu ya goge, irin tsofaffin fankoki da kayan gwanjo. A fuskar mita akwai ɗan jan haske da ke ƙiftawa, kusa da shi an rubuta wani abu kamar 1000 imp/kWh ko 1600 imp/kWh ko 3200 imp/kWh, wanda ke nufin yawan ƙiftawar da ke cika yunit ɗaya. A kashe kome, a kunna kaya guda, a ƙirga ƙiftawar minti ɗaya da agogon waya:

```
wat = ƙiftawa a minti ɗaya × 60000 ÷ lambar imp
```

A mita mai 1000 imp/kWh, dutsen guga mai wat 1,000 zai sa hasken ya ƙifta kusan sau 17 a minti. Fanka mai wat 75 kuwa sau biyar kacal za ta sa ya ƙifta a cikin minti huɗu, shi ya sa ga ƙananan kaya gara a ƙirga na minti huɗu ko biyar a raba. Inda aka ɗaure mitar a saman falwaya aka bar wa gida ɗan akwatin dannawa kawai, idan ba a ganin wannan hasken sai a koma ga hanyar ragowar yunit.

Mataki na huɗu: haɗa jimla, a gwada ta da mako guda

Idan aka tara fitilu 14.4, fankoki 67.5, talabijin 12, caji 3, guga 12, buta 20, famfo 15 da firij 45, gidan yana cin kusan yunit 189 a wata, wanda a farashin Naira 225.21 ya kama kimanin Naira 42,600. Abin da ya kamata a tsaya a duba a nan shi ne cewa fankoki uku sun fi firij ci, sun kuma ninka dukkan fitilun gidan fiye da sau huɗu, don haka maigidan da ke bin yara yana kashe ƙwan fitila mai wat 10 amma ya bar fanka tana juyawa a ɗakin da babu kowa bai kama inda kuɗinsa ke zuba ba.

Wannan jimlar har yanzu a kan takarda take, sai an gwada ta. Yunit 189 a wata yana nufin 6.3 a rana, ko kimanin 44 a mako, wato katin Naira 10,000 ya kamata ya kai mako guda. A rubuta ragowar mita a lokaci ɗaya kowace safiya har kwana bakwai, ba tare da an canza yadda aka saba amfani da wuta ba. Idan abin da ya tafi ya faɗa tsakanin 40 da 48, lissafin ya yi daidai. Idan ya kai 55 ko 60, akwai abin da aka tsallake, kuma mafi yawan lokaci wani abu ne mai yin zafi, kamar risho na lantarki da ake ɗumama abinci a kai da rana lokacin da maigida ba ya nan, ko hita da ake jefawa a bokiti, ko kuma batiran inbata da ke caji daga mita, waɗanda kullum suke shan wuta fiye da wadda suke mayarwa.

Idan an bincika ba a ga kome ba, sai a zare kowane kaya daga soket, a kashe dukkan makunnai, a tsaya a gaban mita na minti goma. Hasken da ya ci gaba da ƙiftawa a wannan hali yana nuna cewa wuta na fita ta wata hanya, ko dai wayar da ta tsallaka zuwa shago ko ɗakin maƙwabci tun daga tsohon haɗi, ko kuma wayar da ta goge a cikin bango tana zubar da wuta zuwa ƙasa. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, kuma ba a taɓa hatimin mitar, domin buɗe ta laifi ne da ake cin tara a kansa.

Mataki na biyar: kwatanta rukuni da rukuni

Mutum ba ya zaɓar rukuninsa, layin da ke ciyar da unguwarsa ne ke yanke masa, amma kwatancin yana da amfani ga mai neman gidan haya ko shago a wata unguwa, da wanda aka sauya wa layinsu rukuni yana son sanin abin da ke jiransa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki yunit 189 a ninka da sabon farashi kawai, ko kuma a ɗauka cewa tunda awanni sun ragu daga 20 zuwa 12 to cin wuta ma zai ragu da kashi 40 cikin ɗari. Dole ne a sake bin kayan ɗaya bayan ɗaya.

A ce wannan iyalin ya koma unguwar da ke kan Band C, kuma rasit ɗin sabon gidan ya nuna cewa Naira 5,000 ta ba da yunit 74.6, wato kusan Naira 67 kowane yunit. Fankoki za su samu wataƙila awa bakwai maimakon goma, su ci yunit 47. Fitilu a awa huɗu za su ci 9.6, talabijin a awa uku 7.2. Firij zai samu awa 12 kawai, amma saboda kullum yana farawa daga ɗumi injinsa zai yi aiki kusan kashi uku cikin huɗu na lokacin, ya ci kimanin yunit 40, ragin da bai taka kara ya karya ba. Guga da buta da famfo da caji kuwa ba za su ragu ko kaɗan ba, domin kayan da za a goge suna nan, tanki ma sai an cika shi, jira kawai za a yi sai an kawo wuta a yi su gaba ɗaya. Jimlar ta zama kusan yunit 155, ragin kashi 18 cikin ɗari kacal, kuɗin kuma kimanin Naira 10,400.

A ido, Naira 10,400 da Naira 42,600 ba su da haɗi, kuma ga gidan da zai iya haƙura da duhu da zafi a awannin da babu wuta, bambancin gaskiya ne. Amma idan gidan zai tayar da janareta don cike giɓin, sai an sa man fetur a lissafi. A ce ƙaramin janareta yana shan rabin lita a awa, ana kunna shi awa uku kowane dare, lita 45 ke nan a wata, kuma idan lita tana Naira 900 an kashe Naira 40,500 kafin a yi maganar baƙin mai da gyara. Jimlar ta haura Naira 50,000, ta wuce ta Band A, alhali awannin wutar ba su kai ba. Kowa sai ya sa farashin mai na ranar da yake lissafi da ainihin abin da janaretansa ke sha.

Wannan kwatancin yana tsayawa ne idan Band A ɗin yana ba da awa 20 ɗin da aka yi alkawari. Saboda haka a takardar da ake rubuta ragowar yunit a ƙara wuri na rubuta lokacin ɗaukewa da lokacin kawowa. Umarnin NERC na 2024 ya tanadi cewa layin Band A da ya kasa cika awanninsa kwana bakwai a jere za a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da abin da yake bayarwa, kuma mai ƙorafi yakan fara ne da ofishin kula da abokan hulɗa na kamfaninsa kafin ya wuce zuwa ofishin sauraron ƙorafi na hukumar. Takarda mai kwanan wata da lokaci ta fi magana da baki nauyi a wurin.

Mataki na shida: kasafi na bin yanayi

Kasafi ɗaya ba ya ɗaukar shekara a ƙasar Hausa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, fankoki ba sa tsayawa, firij yana wahala, kuma gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wadda ke jan kimanin wat 1,200, idan ya kunna ta awa shida a dare injinta yana aiki kashi 70 cikin ɗari na lokacin, ya ƙara yunit 151 a wata, kusan Naira 34,000 a Band A. Na'ura ɗaya ke nan ta kusa kamo abin da sauran kayan gidan duka ke ci.

Da hunturu fankoki sukan huta, sai ruwan wanka ya karɓi wurinsu. Ɗumama bokiti mai lita 20 daga sanyin safiya zuwa ɗumin wanka, ƙarin zafi na kimanin digiri 25, yana cin kusan yunit 0.6 ko da wace irin hita aka yi amfani, domin ƙaramar hita daɗewa kawai take yi, ba ta rage abin da ruwan ke bukata. A gidan mutum shida wannan ya kai yunit 3.5 a rana, sama da 100 a wata, wanda ya zarce yunit 67.5 da aka samu sauƙinsu daga kashe fankoki. Shi ya sa wasu gidaje ke mamakin ganin kati ya fi saurin ƙarewa a Janairu.

Don haka a fitar da kasafi uku, na bazara da na damina da na hunturu, kowanne a ɗora masa kashi 10 cikin ɗari saboda baƙi da ranakun da aka yi guga mai yawa. Ga gidan misalinmu a watan da babu na'urar sanyaya ɗaki kuma babu hita, yunit 189 ya zama kusan 210, wato kimanin Naira 47,300. A raba wannan bisa kwana 30, yunit 7 a rana, 49 a mako, a riƙa duba mita kowace Juma'a. Idan mako ya ci fiye da rabonsa, a fara rage lokacin buta da risho da hita, a tara guga a yi ta sau ɗaya maimakon kunna dutse kowace safiya saboda riga guda, sa'an nan a duba fankokin ɗakunan da babu kowa. Sayen yunit na wata gaba ɗaya ko kaɗan-kaɗan ba ya canza farashin kowane yunit, sai dai wasu manhajoji da masu sayarwa suna ɗora kuɗin hidima a kan kowane saye, don haka wanda ya saya sau takwas a wata ya biya wannan ƙarin sau takwas, kuma ya kamata ya sa shi a kasafinsa.